Rutin ɗin waya saboda gem: me ake samu, me ake jinginarwa?

Jama'a, akwai wata magana da ta fara yawa a tsakanin samarinmu, har da wasu magidantan da ba za su so a faɗa ba, wato yi wa waya rutin domin a ji daɗin buga gem. Ka buɗe TikTok ko YouTube sai ka tarar da yaro riƙe da ƙaramar waya yana rantsuwa cewa ya mayar da ita ta manya, PUBG na tafiya sumul, Free Fire babu sarƙewa, wai kai ma in ka bi abin da ya ce cikin minti goma ka gama. Rubutun zai ɗan yi tsawo, a yi haƙuri, amma bari in fara da matsayina tun kafin a gaji: wayar da ke ɗauke da layinka, da manhajar bankinka, da WhatsApp ɗinka, ba wayar da za a yi wa rutin ba ce saboda gem. Ban ce rutin haramun ne ba, ban kuma ce duk mai yi ɓarawo ne ba. Cewa na yi cinikin bai kai ba. Abin da za ka karɓa ƙarami ne, abin da za ka bayar kuwa babba ne, kuma masu bidiyon nan rabin farko kaɗai suke nunawa.

Mu fara da sanin mene ne abin. A cikin Android kowace manhaja tana zaune ne a nata ɗakin, da nata makullin. Manhajar banki na da ɗakinta, gem na da nasa, babu mai leƙa na wani. Kai ma da ka sayi wayar da kuɗinka ba a ba ka makullin kowane ɗaki ba, ɗan haya ne kai mai manyan haƙƙoƙi. Rutin shi ne karɓar babban makullin da ke buɗe dukkan ɗakunan, har da inda tsarin wayar kansa yake. A iPhone ana kiran makamancin wannan jelbirek. Zan fi tsayawa a kan Android, domin ita ce a aljihun yawancinmu.

Don kada maganar ta tsaya a iska, mu ɗauki waya guda mu bi ta daki-daki. A ce yaro yana da Redmi Note 9, wadda ta fito a 2020, mai RAM 4GB, da firosesa Helio G85, da allo mai 60Hz. Irin wannan firosesar na cikin wayoyin Tecno da Infinix da yawa, saboda haka misalin bai yi mana nisa ba. Yaron nan yana buga PUBG Mobile, ya shiga saitin gem ɗin ya ga iyakar abin da aka ba shi shi ne Ultra, wato hoto 40 a daƙiƙa guda. Abokinsa mai babbar waya yana da Extreme, hoto 60, wani ma yana da 90. Shi ke nan hankali ya tashi.

Ga hanyar da zai bi. Da farko zai taɓa lambar MIUI sau bakwai a cikin saiti har Developer options ya bayyana, ya kunna OEM unlocking da USB debugging. Daga nan sai buɗe butloda, wato ƙaramin shirin da ke fara tashi idan aka kunna waya, wanda aikinsa shi ne ya duba cewa tsarin da zai tayar na kamfanin ne, ba a taɓa shi ba. Mai gadin ƙofa ke nan. A wayoyin Xiaomi sai an haɗa wayar da asusun kamfanin, a sa Mi Unlock a kwamfuta, a kuma jira, a zamanin wannan wayar yawanci awa 168, mako guda cur. A wasu wayoyin kamar Pixel umarni biyu ne kawai:

```
adb reboot bootloader
fastboot flashing unlock
```

A wannan matakin wayar tana goge komai da ke cikinta. Hotuna, lambobin da ba a ajiye a Google ba, tsofaffin hirarrakin WhatsApp da ba a yi wa ajiya ba, duk sun tafi. Da gangan aka yi hakan, don kada wanda ya tsinci wayarka ya buɗe butloda ya kwashi bayananka. Yara da yawa a nan suke fara kuka, domin mai bidiyon ya tsallake wannan jimlar.

Bayan haka zai nemo cikakken tsarin wayar na kamfani, daidai da wanda ke kan wayarsa, ya ciro wani fayil mai suna boot.img, ya ba manhajar Magisk ta yi masa kwaskwarima, sannan ya mayar da shi cikin wayar:

```
fastboot flash boot magisk_patched.img
```

Kalmar "daidai" ɗin nan ita ce rai. Idan fayil ɗin na wani samfurin ne mai kama da naka, ko na wani zubin tsarin da ya girmi wanda ke kan wayar, sai ka ga waya ta tsaya a tambarin kamfani tana mutuwa tana tashi, ba ta wucewa. Wannan ana iya gyarawa in ka ajiye boot.img na asali. Wanda ya fi muni shi ne abin da ke biyo baya idan yaro ya ruɗe. A wayoyi masu firosesar MediaTek akwai manhajar filashin da ake kira SP Flash Tool, cikinta akwai zaɓin Format All + Download. Wanda ya danna wannan ya share har da wurin da lambar IMEI da bayanan netwok suke. Waya za ta tashi lafiya lau, amma ka sa layi ba sabis, ka danna *#06# ka ga babu lamba ko an rubuta ba ta da inganci. Ku tambayi kowane mai gyaran waya da ya daɗe a sana'ar, ko a Farm Centre ta Kano ko a ko'ina, ya san wannan ciwon.

Wani abu kuma: duk manhajar da ta ce danna sau ɗaya za ta yi maka rutin ba tare da kwamfuta ba, ka yi nesa da ita. Irin su KingRoot sun yi aiki a zamanin tsofaffin Android, shekaru goma da suka wuce, ta hanyar ramukan da tuni aka toshe. Yau abin da ake rabawa da irin waɗannan sunaye a Telegram, in ka yi sa'a talla ce kawai za ta cika maka waya.

To, a ce komai ya tafi daidai. Yaron ya samu babban makulli. Me ya samu a gem?

Abu na farko, zai iya sa wayar ta yi wa gem ƙarya. Gem ɗin yana duba sunan waya ne ya yanke shawarar saitin da zai buɗe mata. Da rutin ana iya sa Redmi Note 9 ta ce ita wata babbar wayar gem ce, sai ka ga Extreme da 90 sun fito a saiti. Wannan gaskiya ne, yana faruwa, kuma shi ne hoton da ake nunawa a bidiyo. Amma mu yi lissafi. Allon wayar 60Hz ne, ma'ana sau 60 yake iya sauya hoto a daƙiƙa, ko me gem ya aiko masa. Saboda haka 90 ɗin nan ado ne, ba za ka taɓa ganinsa da ido ba. Saura 60. A hoto 40 wayar na da kashi 25 cikin dubu na daƙiƙa ta zana kowane hoto. A hoto 60 lokacin ya ragu zuwa kusan 17. Wato ka ƙara mata rabin aikin da take yi a da, alhali injin nan dai shi ne, ba a ƙara masa ko ƙusa ba. A filin horo, inda babu kowa, za ta iya kai 55 ko 60, a nan ake ɗaukar bidiyo. Amma a sauka inda mutane ashirin ke harbi, ga hayaƙi ga motoci, sai lambar ta riƙa hawa da sauka. Duk mai buga gem ya san cewa 40 da ta tsaya cak ta fi daɗin hannu a kan wadda ke tsalle tsakanin 58 da 28, domin a daidai lokacin faɗa ne take faɗuwa, lokacin da ka fi buƙatarta.

Abu na biyu shi ne inda na fi damuwa, wato cire birkin zafi. Kowace waya na da na'urorin auna zafi a jikin firosesa da batir. Idan zafi ya kai wani mizani, sai tsarin ya rage gudun firosesar da kansa har ta huce. Shi ya sa gem ke tafiya lafiya a minti goma na farko, daga baya ya fara nauyi. Da rutin ana iya kashe wannan tsarin ko a ɗaga mizaninsa, a kuma tilasta wa firosesa ta zauna a ƙololuwar gudunta. Sakamakon farko mai daɗi ne, gem ya daina nauyi bayan minti goma. Amma zafin bai je ko'ina ba. Waya ba ta da fanka, jikinta kaɗai ke fitar da zafi zuwa iskar da ke kewaye. Yawancin masu haɗa waɗannan dabaru suna zaune ne a inda ɗaki ke da sanyi. Mu kuwa a watan Afrilu, a Sakkwato ko Maiduguri ko Kano, zafi na haura 40 a inuwa. Apple da kansa cewa ya yi an ƙera iPhone ta yi aiki a yanayin da bai wuce 35 ba, batiran lithium kuma ba a son a yi musu caji in sun haura 45. Ka haɗa wannan da ɗabi'armu: an kawo wuta, yaro ya jona caji, yana bugawa yana caji a lokaci guda, wayar na cikin kauri-kaurin rigar roba, an kuma cire mata birki. Batir ba ya ihu. Sannu a hankali zai fara saurin ƙarewa, waya ta riƙa mutuwa a kashi 20, wata rana ka ga murfin baya ya ɗago ko allo ya fara rabuwa da jiki. In ka ga haka batir ya kumbura, a daina caji, a kai a canza shi, kada a danne shi da hannu.

A nan dole in yi adalci, domin kamfanoni ma ba waliyyai ba ne. A 2022 an kama Samsung da rage ƙarfin Galaxy S22 a cikin gem ta wata manhaja mai suna Game Optimizing Service, alhali tana barin manhajojin gwajin ƙarfi su yi gudu yadda suke so. Mutane sun yi ca, kamfanin ya nemi afuwa ya kuma fitar da gyara. Saboda haka wanda ya ce kamfani na riƙe masa ƙarfin da ya biya kuɗinsa ba mafarki yake ba. Amma wannan babbar waya ce mai ƙarfin da aka danne. A ƙaramar waya irin ta misalinmu babu wani ɓoyayyen ƙarfi mai yawa da za a saki. Rutin ba ya mayar da RAM 4 ya zama 8. Ba ya kuma taɓa netwok: in lambar da ke gefen allo ta nuna 200ms saboda sabis ɗin unguwarku, ko sau goma ka yi rutin a 200 za ta zauna, kuma rabin abin da yaranmu ke kira sarƙewa daga nan yake.

Abu na uku, wanda ba a cika faɗa a fili ba amma shi ne ainihin abin da ke jan wasu, shi ne maguɗi. Da rutin, manhaja irin GameGuardian na iya leƙa ƙwaƙwalwar gem yana cikin tafiya, ta nemo lambar kuɗinka ko ranka ta canza. A gem ɗin da ake bugawa ba intanet wannan na aiki, kuma ni ban ga wanda aka cuta ba, kai da wayarka ne, sai dai ka ɓata wa kanka daɗin wasan. Amma daimon na Free Fire, da UC na PUBG, da CP na Call of Duty, ba a cikin wayarka aka ajiye lissafinsu ba. Suna can a kwamfutocin kamfanin. Za ka iya sa allonka ya nuna 99999, ka je sayen kaya a ce ba ka da ko sisi. Kamar ka ɗauki biro ka ƙara sifili a takardar bayanin asusunka ne, bankin bai san da zancen ba. Duk wanda ya ce ka turo masa kuɗi ko lambar shiga asusunka zai cika maka daimon ta hanyar rutin, ɗan damfara ne, babu wani kewaye-kewaye.

Wanda ke aiki a gem ɗin intanet shi ne irin maguɗin ganin mutum ta bayan bango ko bindiga ta riƙa saita kanta. Yana aiki ne saboda dole a aiko wa wayarka inda abokan karawa suke kafin ta zana su. Kamfanonin sun san da wannan sarai, suna da masu gadinsu a cikin gem ɗin, 'yan wasa kuma na kai ƙara. PUBG Mobile na dakatar da asusu har na shekara goma. Garena na rufe asusun Free Fire gaba ɗaya, wani lokaci har da wayar da aka yi amfani da ita. Yaron da ya shekara biyu yana tara kaya, wataƙila har da kuɗin da ya roƙa a wurin mahaifiyarsa, sai ya wayi gari babu komai. Ni a nan ba na tausaya masa sosai, gaskiya. Mutum casa'in da tara sun sa datarsu, a wannan tsadar, sun shigo wasa da gaskiya, kai ka zo ka ɓata musu. In a filin ƙwallon unguwa ka yi haka ai kowa ya san sunan da za a kira ka.

Abin dariyar ma shi ne wasu gem ɗin ba sa yarda su tashi a wayar da aka yi wa rutin, ko da ba ka yi maguɗi ba. Pokémon GO ya fara toshe irin waɗannan wayoyi tun 2016, Fortnite ma ba ya karɓarsu. Ka yi rutin saboda gem, gem ya kore ka saboda rutin.

Yanzu mu zo kan abin da aka jinginar, wanda shi ne dalilin wannan dogon rubutu. Mu ma'aikata mun san abin da waya ta zama. Albashi ta nan alat ɗinsa ke shigowa. Lambar OTP ta nan take zuwa. Layin da aka haɗa da BVN da NIN yana ciki. A gidaje da yawa kuma wayar da yaro ke buga gem da ita ba tasa ba ce shi kaɗai, ta babansa ce da ya ajiye, ko ta mamarsa da take karɓar kuɗin 'yar sana'arta a ciki.

Magisk ita kanta ba muguwa ba ce. Wani masani mai suna John Wu ne ya ƙirƙire ta, a buɗe take kowa na iya duba yadda aka rubuta ta, kuma duk manhajar da ta nemi babban makulli sai ta tambaye ka, Grant ko Deny. Matsalar tana ga abin da za ka ba makullin. Duk dabarun da na lissafa a sama, na buɗe 90, na cire birkin zafi, na maguɗi, suna zuwa ne a matsayin ƙananan fayiloli da ake ɗora wa Magisk, ko manhajojin da ba su cikin Play Store. Waɗannan fayilolin da zarar ka ɗora su suna tashi tare da wayar da cikakken iko, ba za a sake tambayarka ba. Wa ya rubuta su? Wani mai suna da lambobi a Telegram, wanda ba ka san ƙasarsa ba, wanda sana'arsa ita ce karya dokar gem. Shi ka miƙa wa makullin da ke buɗe ɗakin saƙonninka, da ɗakin WhatsApp, da ikon ganin abin da kake dannawa a allo. Yana iya zama mutumin kirki. Amma kai ba ka da hanyar sani, domin wanda ke da wannan iko yana iya ɓoye kansa daga duk manhajar tsaron da za ka sa. Wannan ba hasashe ba ne. A 2015 masu bincike na Palo Alto Networks sun gano wata muguwar manhaja da suka kira KeyRaider, wadda ta sace bayanan shiga asusun Apple sama da 225,000, dukkansu daga wayoyin da aka yi wa jelbirek, ta hanyar irin waɗannan ƙananan dabaru masu alƙawarin kayan kyauta.

Bankuna sun san wannan, shi ya sa manhajojin kuɗi da yawa ke duba waya kafin su buɗe. Google na da tsarin da ake kira Play Integrity, wanda ya maye gurbin SafetyNet, manhaja na tambayarsa ko wayar nan tana nan yadda kamfani ya fitar da ita. Wayar da aka buɗe wa butloda tana faɗuwa wannan jarrabawar. Sai yaron ya koma neman wata dabarar da za ta ɓoye rutin ɗin, wato ya ƙara ɗora fayil ɗin wani baƙon a kan na farko. Ta yi aiki wata ɗaya ko biyu, Google ya toshe, a sake nemo wata. Mai sha'awar fasaha yana jin daɗin wannan tsere, shi ne wasansa. Amma ka yi tunanin magidanci a asibiti ƙarfe goma na dare, ana jiran tiransifa kafin a ba da magani, manhajar banki ta ce ba za ta buɗe a wannan wayar ba. Sannan sabunta tsarin da kamfani ke aikowa, wanda ke toshe ramukan tsaro, yakan ƙi hawa ko ya share rutin ɗin, shi ya sa wasu masu rutin suke daina sabuntawa gaba ɗaya.

Masu Samsung kuma ku buɗe kunne. A cikin wayoyinsu akwai wani ɗan fis na lantarki da ke ƙarƙashin tsarin Knox. Ranar da aka ɗora wa wayar tsarin da ba na kamfani ba, fis ɗin ya ƙone, kuma ba ya dawowa. Ko ka cire rutin ka mayar da komai yadda yake, Secure Folder da Samsung Wallet sun tafi ke nan a wannan wayar, garanti ma ya shiga matsala.

Masu iPhone, naku a taƙaice. Jelbirek ɗin da ya fi karko ya dogara ne da wani rami mai suna checkm8 da aka bayyana a 2019, wanda ke aiki daga iPhone 4s zuwa iPhone X kawai. A iPhone 8 da X ma, sai ka haƙura da lambar kulle allo kafin ya yi aiki a tsarin baya-bayan nan. Wayar da babu kulle, a garin da ake fizgen waya. Sababbin iPhone kuwa samun jelbirek ɗinsu ya yi wuya ƙwarai, yawancin shafukan da ke cewa suna da shi tarko ne. Ga shi ɗaya daga cikin dalilan da suka sa ake yi a da, wato buga tsofaffin gem na Nintendo da PSP, ya kau: tun Afrilun 2024 Apple ya yarda da irin waɗannan manhajoji a App Store, Delta da PPSSPP duk suna nan. A Android ma PPSSPP ba ta taɓa buƙatar rutin ba.

Na san abin da wasu abokaina masana kwamfuta za su ce, kuma suna da gaskiya a wani ɓangare: wayata ce, da kuɗina na saya, don me kamfani zai hana ni shiga ko'ina? Ni ma ina ganin bai dace a rufe wannan ƙofa gaba ɗaya ba, kamar yadda Huawei ya yi a 2018 da ya daina ba da lambar buɗe butloda. Tsohuwar wayar da kamfani ya daina kula da ita tana iya samun sabuwar rayuwa da tsari irin LineageOS. Da yawa daga cikin waɗanda yau suke cin abinci da fasaha ta lalata waya suka fara koyo. In ɗanka na da wannan sha'awar ban ce ka kashe masa ita ba. Ka nemo masa tsohuwar waya ta biyu, babu layin banki, babu asusun Google na gida, ya buɗe sabo na wasa kawai, ya farke ta ya ɗinke yadda yake so. In ta mutu, kuɗin makaranta ne aka biya. Bambancin wannan da wancan shi ne abin da ke cikin wayar ranar da abu ya lalace.

Wanda kuma burinsa kawai gem ya yi sauƙi, yawancin ribar ana samunta ba tare da an taɓa butloda ba. Ka sa zane a Smooth, ka kashe inuwa, ka zaɓi adadin hoton da wayar za ta iya riƙewa har ƙarshen wasa, ba wanda za ta taɓa na minti biyu ba. Ka cire rigar wayar lokacin wasa, kada ka buga tana caji, sai in tana da tsarin da ke kai wuta kai tsaye ba ta batir ba, kamar yadda wasu wayoyin Infinix ke da shi. Manhajojin da kamfani ya cusa da ke cin RAM a ɓoye ma ana iya kawar da su da kwamfuta ba tare da rutin ba:

```
adb shell pm uninstall -k --user 0 sunan.manhajar
```

Sai dai a san abin da ake cirewa, kada a taɓa abin da ba a gane ba. In ma an yi kuskure, mayar da waya saitin kamfani na dawo da su.

Saura iyaye da masu sayen waya ta hannu: yaya za ka gane an taɓa wayar? Kashe ta ka kunna, ka zuba wa allon farko ido. Wayar da aka buɗe wa butloda takan nuna gargaɗi kafin ta tashi. A masu MediaTek da yawa za ka ga an rubuta Orange State, a Xiaomi kuma ɗan kwaɗo a buɗe ko kalmar Unlocked. Sannan ka shiga Play Store, Settings, About, ka duba ƙarƙashin Play Protect certification. In ka ga Device is not certified, ka tsaya ka yi tambaya, ko da yake ana iya ɓoye wannan, don haka gargaɗin allon farko ya fi abin dogaro. Ka duba ko akwai Magisk ko KernelSU a jerin manhajoji, ka tuna ana iya canza wa Magisk suna. A Samsung, in aka shiga Download mode akwai layin garanti na Knox: 0x0 na nufin ba a taɓa ba, 0x1 na nufin fis ya ƙone, kuma ya kamata farashin ya sauka.

In kuma ka gano an riga an yi wa wayar gida rutin, kada ka yi gaggawar rufe butloda a kan tsarin da aka taɓa, domin mai gadin zai ga tsarin ba na kamfani ba ne ya ƙi tayar da shi, wayar ta zama dutse. Tsarin shi ne: a kwashe hotuna da lambobi, a yi mata filashin da cikakken tsarin kamfani na wannan samfurin daidai, a tabbatar ta tashi, sannan a rufe butloda, wanda shi ma zai sake goge komai. Bayan nan, daga wata wayar mai tsabta, a canza lambar sirrin banki, da ta Google, a kuma sake sa lambar tabbatarwa ta WhatsApp.